Me Ya Sa Kwail Ke Neman Kwandansa?

Duk abin da ke ba da wutar lantarki, batir ne ko janareta ko eriyar rediyo, yana da tasa turjiyar ta ciki wadda ke cinye wani kaso na ƙarfin kafin ya fito waje. Tun wajejen 1840 Moritz von Jacobi ya nuna cewa na'urar da aka jona za ta samu ƙarfi mafi yawa ne idan turjiyarta ta yi daidai da ta tushen wutar. Ga batir, magana ta ƙare nan. Amma ga wuta mai kai-kawo, irin ta gidajenmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, akwai sauran rina a kaba.

Dalili shi ne, a irin wannan wuta turjiya kala biyu ce. Akwai ta rezista, mai mayar da wuta zafi ko aiki. Akwai kuma ta kwail da ta kwandansa, waɗanda ba sa cin wutar. Karɓa suke su ajiye, can su mayar. Kwail yana sa gudun wutar ya makara a bayan bolt, kwandansa kuwa yana sa ya riga shi. Shi ya sa injiniyoyi ke rubuta ta kwail da +j, ta kwandansa da −j, tunda ɗaya na warware abin da ɗaya ya ƙulla.

Mu ɗauki tushe mai bolt 10, wanda turjiyarsa ta ciki ita ce 3 + j4: om 3 na rezista, om 4 na kwail. Me za a jona masa ya ba da iyakar abin da zai iya?

Wanda ya haddace dokar Jacobi da ka zai ce a jona irinsa sak, 3 + j4. To, kwail ya hau kan kwail, jimilla ta zama 6 + j8. Ba a tara waɗannan biyun kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa ne, a haɗa, a nemi saiwar: 36 da 64 sun ba da 100, saiwarsa 10. Bolt 10 a kan om 10 amfiya 1 ke nan, kuma abin da ya isa ga na'urar wat 3 kacal. Idan aka jona rezista zalla mai om 3, ana samun kusan wat 5.8. Rezista zalla mafi dacewa ita ce mai om 5, ita ma ba ta wuce wat 6.25.

Yanzu a jona 3 − j4, wato rezista mai om 3 tare da kwandansa mai om 4. Kwandansan ya soke kwail ɗin gaba ɗaya, abin da ya rage a da'irar om 6 ne zalla. Gudun wutar ya tashi zuwa amfiya 1.67, na'urar ta samu wat 8.33, kusan ninki uku na farkon. Babu wani haɗin da zai zarce wannan. Ƙa'idar ke nan: ɓangaren rezista ya zo daidai, ɓangaren j ya zo daidai a girma amma da alamar da ta saɓa. Idan tushen ne mai halin kwandansa, kamar gajeriyar eriya, sai a nemo masa kwail.

Sai dai wannan daidaito yana da iyaka. Turjiyar kwail tana ƙaruwa idan juyin wutar ya ƙara sauri, ta kwandansa kuwa raguwa take. A ce an daidaita misalinmu a juyi 1,000 a daƙiƙa, inda kwandansa mai kusan maikrofarad 40 ke ba da om 4. Da an ninka juyin zuwa 2,000, kwail ya koma om 8, kwandansa ya sauka om 2, ƙarfin da ke isa ya faɗi zuwa wat 4.17, rabi ke nan. Saboda haka mai gwaji yakan riƙa sauya girman kwandansan a hankali yana duban mita. Inda gudun wutar ya kai ƙololuwa ya fara sauka, nan ne aka soke kwail ɗin.

Ga kuma abin da ake yawan mantawa: a daidai lokacin da na'urar ke shan wat 8.33, wani wat 8.33 ɗin yana zama zafi a cikin tushen, tunda amfiya ɗaya ce ke ratsa om 3 na ciki da om 3 na waje. Rabin ƙarfin ya salwanta. Ga eriyar da ke kamo siginar tashar rediyo mai nisa wannan ba damuwa ba ce, domin ɗan abin da ya iso ake son a tatsa iya tatsuwa. Amma kamfanin rarraba wuta ba zai taɓa bin wannan hanya ba. Shi burinsa turjiyar taransifoma da wayoyi ta yi ƙasa ƙwarai da ta masu amfani da wutar, in ba haka ba taransifomar za ta ƙone tun kafin unguwa ta ga haske.