Da'irar Mohr: yadda kamfas ke nuna inda ƙarfe zai tsage

Ka ɗauki allin rubutu ka murɗa shi da hannu biyu. Ba zai karye a miƙe ba, a karkace zai tsage, wajen digiri 45 daga tsawonsa. Kai murɗawa ka yi, amma abin da ya karya shi ja ne da ke ɓoye ta wata kusurwa. Gano wannan ɓoyayyen ja shi ne aikin da'irar Mohr, wadda injiniyan Jamus Otto Mohr ya wallafa a 1882, bayan Karl Culmann ya share fage a 1866.

Abin da injiniyoyi ke kira sitires shi ne ƙarfin da ke kan kowane ɗan fili a cikin ƙarfe, kuma da megafaskal ake auna shi. Iri biyu ne. Akwai mai ja ko danna fuskar kai tsaye, akwai kuma mai gocewa, wanda ke neman zamar da wani ɓangare a kan wani. Ka zana ɗan murabba'i a jikin ƙarfe: idan ka juya shi, nauyin da ƙarfen ke ɗauke da shi bai sauya ba, amma rabon da ke tsakanin ja da gocewa a gefunansa zai sauya. A wata kusurwa gocewar za ta ɓace ɗungurungum, ja ya kai ƙololuwarsa. Wannan shi ne babban sitires, shi ne kuma ke tsaga abu mai gautsi.

Mu ɗauki sandar da ke juya injin niƙa. Bel na janta tana ɗan lanƙwasa, inji kuma na murɗa ta. A ce a wani wuri a fatarta ja ya kai 60 ta tsawo, babu ja ko kaɗan ta kewaye, gocewa kuma 40 ce.

A takardar giraf, layin kwance na ja ne, na tsaye kuma na gocewa. Sa ɗigo na farko a 60 dama, 40 ƙasa; na biyu a sifili, 40 sama. Ja layi ka haɗa su. Zai ratsa layin kwance a kan 30, nan ce cibiya. Kafa tsinin kamfas a wurin, ka buɗe shi zuwa ɗigon farko, ka zagaya. Buɗin zai ba ka 50, domin alwatika ce mai gefe 30 da 40.

Yanzu sai karatu. Da'irar ta yanke layin kwance a 80 ta dama, da 20 ƙasa da sifili ta hagu. Wato ja na gaskiya 80 ne, ya ɗara 60 ɗin da aka fara gani da kashi ɗaya cikin uku, kuma akwai dannawa ta 20 a gicciye da shi. Ƙololuwar da'irar tana nuna gocewa mafi girma, 50, wadda ita aka fi dubawa a ƙarfe mai lanƙwasa kafin ya karye.

A wajen kusurwa ɗalibai suka fi tuntuɓe. Daga ɗigon farko zuwa 80 za ka auna kusan digiri 53, amma a jikin sandar rabinsa ne, kusan 26.6, domin da'irar ninka kowace kusurwa take yi. Shi ya sa gefuna biyu da ke digiri 90 da juna suka faɗa ƙarshe da ƙarshe na layi ɗaya. Gwada da alli: murɗa zalla tana sa ɗigo biyun a kan layin tsaye, cibiya a sifili, tafiya zuwa layin kwance digiri 90, rabinsa 45. Idan kuwa ka ga cibiyarka ba ta kan layin kwance, to ka sa gocewar biyu a gefe ɗaya, sai ka sake. A ganina wannan ne fifikon zane a kan lissafin kalkuleta, kuskure yana fitowa fili ido ya gan shi.

Sai dai da'irar tana da iyaka. Wuri ɗaya tak take bayyanawa, ba dukan sandar ba, kuma ba ta san gajiyar da ƙarfe ke yi da yawan juyi ba. Akwai kuma tarkon da ya fi waɗannan haɗari. Dubi tukunyar gas mai siririn jiki: ja ta kewaye ninki biyu ne na ja ta tsawo, a ce 100 da 50. Da'irarsu za ta ba da gocewa 25 kacal. Amma akwai fuska ta uku, ta kaurin jikin tukunyar, inda sitires yake kusan sifili. Duk lokacin da da'irar ta tsaya gefe ɗaya ba ta haɗa da sifili ba, dole a zana wata daga sifili zuwa babban sitires, a nan 100. Ita ke ba da gocewa ta gaskiya, 50, ninki biyu na amsar farko.