Idan layin enzayim ya daina hawa

Ɗalibin kimiyyar sinadaran halitta zai jera kwalaben gwaji, ya zuba wa kowacce enzayim daidai wa daida, amma yawan sukari ya bambanta. Enzayim wani furotin ne da ke hanzarta sauyawar sinadari. Wanda ake yawan amfani da shi a irin wannan gwaji shi ne inbates, wanda ake samu a yis, aikinsa kuwa raba sukarin shayi gida biyu, gulukos da furuktos. A kansa Leonor Michaelis da Maud Menten suka yi aikin da suka wallafa a 1913. Idan ɗalibin ya zana sakamako, saurin aiki zai tashi da ƙarfi a farko, sannan ya karkata, daga baya ya kwanta kamar ba ya motsi. Yawancin rahotanni sukan rubuta "enzayim ya ƙoshi" su wuce. Sau da yawa gaskiya ne, amma sai an tabbatar.

Ma'anar ƙoshin ita ce kowane ƙwayar enzayim yana da gurbin da sukari ke shiga kafin a raba shi. Kamar injin niƙa ne a unguwa: in masu kawo hatsi kaɗan ne, ƙarin mutum ɗaya ƙarin gari ne, amma da zarar layi ya yi tsawo, ko buhu ɗari aka ƙaro injin ba zai wuce ƙarfinsa ba. Wannan iyaka ita ake rubutawa Vmax. Yawan sukarin da ke kai aiki rabin iyakar kuma shi ne Km. Lissafin shi ne v = Vmax[S]/(Km + [S]), inda [S] ke nufin yawan sukarin.

Lissafin ya nuna cewa layin ba ya taɓa iyakar, kusantarta kawai yake yi. A ce Km milimola 25 ne, Vmax kuma 100. A milimola 25 sauri zai zama 50, a 100 ya kai 80, a 200 ya kai 89. Ko an kai 400, 94 kawai za a samu. Ɗalibin da ya tsaya a 200 zai ga layi ya kusa kwanciya, ya ce Vmax 89 ne. Zai raba biyu ya nemi inda layin ya kai 44.5, ya samu Km kusan 20 maimakon 25. Kuskure ɗaya ya haifi na biyu ke nan, alhali hannunsa bai yi laifin komai a ɗakin gwaji ba. Shi ya sa ba a karanta Vmax da ido. Ana sa manhajar lissafi ta daidaita dukan ɗigogin da lissafin, kuma ana so mafi girman [S] ya ninka Km sau goma, inda sauri ke kai kashi 91 cikin ɗari.

Akwai kuma kwanciyar ƙarya, wadda ba ruwanta da enzayim. A wannan gwaji ana tafasa ruwan da sinadarin DNS, wanda ke rikiɗa daga rawaya zuwa ja mai duhu gwargwadon gulukos da furuktos da suka fito, sai na'ura ta auna kalar a 540 nm. Idan kala ta yi duhu sosai, har lambar na'ura ta haura 2, hasken da ke ratsa kwalbar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma kwalabe masu bambanci za su ba da lamba kusan iri ɗaya. Haka ma idan DNS ɗin ya ƙare a kwalbar kafin sukarin da ya fito ya ƙare. Layi zai kwanta sumul, abin sha'awa a takarda, amma ma'aunin ne ya gaza.

Rarrabe su ba wuya. A tsarma ruwan kwalbar da ta fi sukari da ruwa daidai yawansa kafin a sa DNS. In lambar ba ta ragu zuwa rabi ba, ma'auni ne ya cika. Sannan a maimaita gwajin da enzayim ninki biyu. Ƙoshi na gaskiya zai ɗaga iyakar ninki biyu, Km kuma ya tsaya inda yake. A ganina rahoton da bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba bai kamata ya ce ya auna Vmax ba.

A kuma duba ɗigogin ƙarshe da kyau. Inbates na yis yakan rage sauri idan sukari ya yi yawa ƙwarai, har layin ya fara gangarowa bayan ya kai ƙololuwa. Ɗalibai sukan ɗauki wannan a matsayin kuskuren awo su ja layi miƙaƙƙe a kai. In gangarowar ta sake fitowa da aka maimaita gwajin, sukarin ne da kansa ke danne enzayim, kuma lissafin Michaelis da Menten na asali ba zai dace da waɗannan ɗigogi ba.