Sabon addini, sabon suna: yadda ake gyara takardu ba tare da an yi asarar tsofaffin ba

A gari irin Masama, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu a Jihar Kebbi, sabon suna ba ya ɗaukar lokaci kafin ya zauna a bakin mutane. Mace ta karɓi Musulunci ranar Juma'a, liman ya yi addu'a, aka ci goro, kafin a kewayo wata Juma'ar yaran unguwa sun riga sun saba da kiran ta Maryam. Amma banki bai san Maryam ba. Ofishin katin ɗan ƙasa ma bai san ta ba, haka makarantar da ta yi. Matsalar kan ɓoye shekara da shekaru, sai ranar da za a biya kuɗin aikin Hajji, ko ɗanta zai cike takardar shiga jami'a, sannan ta fito fili.

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addininsa, kuma babu wata doka da ta ce sai ya sauya suna. Wanda ya zaɓi sauyawa kuwa, akwai tsari, kuma gaba da baya a cikinsa na da muhimmanci.

Shin dole ne a sauya?

Malaman Musulunci sun yi bayanin cewa sauya suna ba sharaɗi ba ne na shiga addini. Bilal da sunansa na da ya ci gaba da rayuwa. Sunayen da Annabi (SAW) ya sauya su ne masu mummunar ma'ana, ko masu nuna bauta ga wanin Allah, ko masu yabon kai, kamar yadda ya mayar da sunan Barra ya koma Zainab. A ɓangaren Kirista ma, wasu majami'u kan ba mutum suna lokacin baftisma, amma da yawa kan bar shi da nasa.

A ƙasar Hausa abin ya zo da sauƙi, domin sunaye da dama na kowa ne. Ibrahim, Yakubu, Dauda, Saratu, da sunayen rana irin su Ladi, Talatu da Asabe, duk ana samun su a gidajen Musulmi da na Kirista. Mai irin wannan suna ba ta da buƙatar taɓa ko da takarda ɗaya. Wadda kuma take son sabon suna don jin daɗin zuciyarta, tana iya amsa shi a gida da unguwa, ta bar na takarda yadda yake. Wannan ba laifi ba ne, muddin ba ta fara rubuta sabon a takardun hukuma ba tare da gyara ba.

Sunan uba ba ya tafiya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauya sunan mutum har da na mahaifinsa, a maye gurbinsa da na miji, ko na limamin da ya musuluntar da shi, ko na maigidan da ya riƙe shi. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarci a riƙa danganta mutum ga mahaifinsa na jini. Saboda ita ne Zaid, wanda Annabi (SAW) ya rena, ya koma amsa sunan Zaid ɗan Harisa. Ikrima ma bai daina zama ɗan Abu Jahal ba bayan ya musulunta.

Barin sunan uba na da amfani ko a wajen hukuma. Idan suna ɗaya ya sauya, ɗayan ya tsaya, ma'aikacin da ya ɗora tsohuwar takarda kusa da sabuwa zai ga zaren da ya haɗa su. Idan duka suka sauya, sai ya ga kamar mutum biyu ne daban. Ga iyaye kuwa, babu abin da ke ƙona rai kamar su ga 'yarsu ta goge sunan mahaifinta.

Matakan, ɗaya bayan ɗaya

Bari mu yi misali da mace ta ƙage don a gane. A ce sunanta Rifkatu Bitrus, 'yar asalin yankin Zuru, aiki ya kawo ta Masama, ta musulunta, ta zaɓi sunan Maryam. Tana da sakamakon jarrabawar WAEC, da lambar NIN, da asusun banki, da yaro ɗaya.

Abu na farko, ta tsayar da rubutun sunan. Maryam ne, ko Mariam, ko Maryamu? A wajen na'ura waɗannan sunaye uku ne. Ta rubuta “Maryam Bitrus” a takarda, ta ɗauki hotonsa a waya, duk ofishin da ta je ta nuna shi, kada ta bari a rubuta mata da ka.

Na biyu, ta nemi shaidar shiga addini a rubuce daga masallaci ko cibiyar addinin da abin ya faru, ɗauke da kwanan wata, da tsohon suna da sabo, da sa hannun shaidu. Wannan takarda ita kaɗai ba ta sauya suna a idon hukuma, amma tana bayyana dalili, kuma akan buƙace ta wajen neman bizar Hajji ko Umara idan sunan da ke fasfo bai nuna Musulmi ba ne. Wanda ya koma Kirista, takardar baftisma ce madadinta.

Na uku, rantsuwar kotu. Za ta je Babbar Kotu, kamar ta Birnin Kebbi, gaban jami'in karɓar rantsuwa, da hotuna ƙanana da katin shaida. Takardar ta faɗi tsohon suna, da sabo, da dalilin sauyin, ta kuma ce duk takardun da ke ɗauke da tsohon sunan suna nan daram. Ta karɓi rasit, ta duba hatimi da sa hannu kafin ta fita.

Na huɗu, sanarwa a jarida ta ƙasa, irin su Daily Trust. Ta sayi jaridar ranar fiye da kwafi ɗaya, ta adana shafin gaba ɗaya, domin idan ta yanke ɗan akwatin da sunanta yake, ta yar da sunan jaridar da kwanan wata, waɗanda su ne ake dubawa.

Na biyar, hukumar katin ɗan ƙasa, wato NIMC. Lambar NIN ba ta sauyawa har abada, sunan da ke jikinta ne ake gyarawa. Tun 2024 hukumar ta buɗe shafin da mutum ke neman gyara da kansa ta waya, `selfservicemodification.nimc.gov.ng`, inda ake ɗora hoton takardun. A farashin da ta sanar a watan Mayu 2025, gyaran suna naira 2,000 ne, gyaran ranar haihuwa kuwa ya haura naira 28,000. Don haka kada a taɓa ranar haihuwa idan ba kuskure a cikinta. Kada kuma wani ya ba ta shawarar yin sabuwar rajista da sabon suna. Zanen yatsa zai tona, kuma yin rajista sau biyu laifi ne.

Sai NIN ya nuna sabon suna sannan za ta nufi banki ta cike fom ɗin gyaran BVN, riƙe da takardar rantsuwa da jarida da sabuwar takardar NIN. Mai asusu a bankuna biyu sai ta je kowanne, domin sunan asusu ya yi daidai da na BVN. Wadda ta manta lambobinta, `*346#` na kawo NIN, `*565*0#` na kawo BVN, daga layin da aka yi rajista da shi. Fasfo da katin zaɓe da takardun wurin aiki da na fansho su ne na ƙarshe. Dalilin wannan jeri shi ne banki da hukumar shige da fice duk NIN suke dubawa. Wadda ta fara da su, za a maido ta.

Takardun da ba sa sauyawa

Sakamakon WAEC zai ci gaba da zama da sunan Rifkatu Bitrus, domin shaida ce ta abin da ya faru a lokacin. Haka takardar haihuwar ɗanta, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta rubuta da tsohon sunan uwa. Ba a goge su, ba a kuma kai su wajen mai kwamfuta ya “gyara”, wannan jabu ne. Abin yi shi ne a haɗa su a jaka ɗaya da takardar rantsuwa da jarida.

Kada a raina wannan. Ranar 13 ga Fabrairu 2020, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa, ana gobe za a rantsar da shi, saboda sunayen mataimakinsa sun saɓa da juna a takardun da ya miƙa wa hukumar zaɓe. Tun daga hukuncin, lauyoyi da dama ke ba da shawarar kada a tsaya kan rantsuwa kaɗai. Mai niyyar aikin gwamnati, ko takara, ko karatu a waje, ya sa lauya ya rubuta masa takardar sauya suna ta musamman, a kuma buga ta a gazet ɗin gwamnati.

Ga iyaye mata masu 'yan makaranta, lokaci shi ne komai. Tun 2021 JAMB ke ɗauko sunan ɗalibi kai tsaye daga NIN. Idan aka gyara NIN ɗin yaro bayan ya rubuta WAEC, kafin ya yi rajistar JAMB, zai isa wajen tantancewa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo da sunaye biyu. Ko dai a gama gyaran kafin a yi masa rajistar jarrabawar aji shida, ko a haƙura har ya kammala. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, iyayensa ko mai riƙonsa na halal ne ke da ikon nema masa sauyin.

Abin da takarda ba ta gyarawa

Iyaye su ji daga bakinki kafin su ji a kasuwa. Idan kina fargabar yadda za su karɓa, ki tafi da wani dattijo da suke jin nauyinsa. Mahaifiyar da ta shekara talatin tana kiran Rifkatu ba za ta daina a dare ɗaya ba, wataƙila ma ba za ta taɓa dainawa ba. Ki amsa mata. Amsawar ba ta rage komai a addininki, kuma Musulunci ya yi umarni da kyautata wa iyaye ko da addini ya bambanta.

Ku kuma dangin miji da maƙwabta, a daina kiran mace “tubabbiya” bayan ta faɗi sunan da take so. Yana da kyau a sanar da mai unguwa ko hakimi, domin su ake tambaya idan ana neman shaidar zama ko ta aure. A makarantar yara da asibitin da ake awo, a nemi su rubuta sunayen biyu a kati. Akwai kuma batun gado: a fiƙihun Malikiyya bambancin addini na hana gado tsakanin dangi, amma kyauta tun da rai da wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba suna nan. Wannan magana ce da ya kamata a zauna da malami ko lauya a kanta tun kowa na da lafiya, a rubuta ta da sunan da ke jikin NIN.