Kubik Nawa Za Ka Ce A Kawo Maka?

Kankaren da ake haɗawa a kamfani, a kawo shi cikin motar nan mai tulu mai juyawa, da kubik mita ake sayar da shi. Abin da ka faɗa shi za a loda maka. In ya gaza ana tsakiyar zubi, kafin wata mota ta iso wanda aka zuba ya fara kamawa, musamman a zafin bazara, sai a sami gaɓa tsakanin tsoho da sabo, wadda nan gaba ta nan tsagewa da yoyo ke farawa. In kuma ya yi yawa, ka riga ka biya.

Mu ɗauki daben wani sito mai tsawon mita 12, faɗin mita 10, kauri santimita 15. A takarda, 12 sau 10 sau 0.15 kubik 18 ke nan. Masu gini da yawa sukan ƙara kashi 10 cikin ɗari, su ce a kawo kusan 20. A ganina wannan ƙiyasi ne na ragwanci, domin hanyoyin da kankare ke salwanta ba iri ɗaya ba ne, kuma ba duka ne ke tafiya da girman aiki ba.

Babban ɓarawon shi ne ƙasar da za a zuba a kanta. Cikon jar ƙasa, ko an daddale shi da inji, ba ya kwanciya sumul. Akwai kwari, akwai tudu, ido kuma ba ya ganin bambancin santimita ɗaya. Amma santimita ɗaya a fili mai murabba'in mita 120 kubik 1.2 ne cur. Idan daben ya fi siranta, misali santimita 10, wannan ɗan kuskuren kaɗai ya cinye kashi goman da aka ƙara. Maganinsa igiya da tef. A ja igiya daga saman katako zuwa saman katako, a auna zurfi a wurare kamar ashirin, har da tsakiya da kusurwoyi, a fitar da matsakaici. A auna bayan an gama daddalewa, ba kafin nan ba. A ce a sitonmu matsakaicin ya fito 16: lissafi ya koma kubik 19.2. Kada a manta da bakin dabe inda aka haƙa ya fi zurfi, shi daban ake lissafa shi.

Zubewa ba ta kai haka ba. Abin da ke faɗuwa daga baro, da wanda ke liƙewa a tulun mota, da wanda ke tsiyaya ta haɗin katako, a aiki mai tsabta kashi 3 ya wadatar, wato kamar 0.6. Mun kai 19.8. Sai dai in kafinta bai tokare katakonsa da kyau ba ya buɗe ciki, wannan kam babu lissafin da zai cece ka.

Sai injin tura kankare. Bututun da aka fi amfani da shi mai faɗin milimita 125 ne, kuma kowace mita ɗaya tana riƙe kusan lita 12. In an shimfiɗa mita 60 daga bakin titi zuwa wurin zubi, kusan kubik 0.7 na kwance a ciki. Kwandon injin ma, inda mota ke juyewa, ba ya ƙarewa tas, mu sa masa 0.4. Ga kuma na farkon da ke fitowa gauraye da ruwan simintin da aka jiƙa bututu da shi, wanda bai kamata ya shiga dabe ba. Wannan asara tana bin tsawon bututu ne, ko kubik 5 za ka zuba ko 50, shi ya sa ta fi yi wa ƙaramin aiki ciwo. A tambayi mai inji tun da wuri ko zai turo ragowar cikin bututu zuwa dabe, ko kuwa baya zai mayar da ita.

Jimilla ta zama kusan 21. Wanda ya tsaya a 19.8 zai tarar da fili kamar murabba'in mita 7 babu komai sai rodi.

Ko wannan 21 ɗin bai kamata a yi odarsa a dunƙule ba. In motocin masu kubik 8 ne, a ce a kawo biyu cike, ta ukun ta jira waya. Bayan an juye biyun, a auna filin da ya rage. In lissafi ya tafi daidai za a ga kusan murabba'in mita 30, kubik 5 ke nan. In an ga 36, a ce a loda 6. Dabarar tana aiki ne kawai in kamfanin na kusa. Inda mota za ta shafe awa guda a cunkoso, gara a kira tun ana tsakiyar juye ta biyu, a kuma shirya ɗan katakon murfin kwata ko gangaren bakin ƙofa a gefe, inda rabin kubik ɗin da ya yi saura zai shiga.