Laushin gaɓoɓi: lalurar da hoton ƙashi ba ya nunawa

A kasuwannin iyaka irin su Ɗan Isa, Jibiya da Birnin Ƙonni, ƴan mata ne ke ɗaukar kaso mai yawa na aikin ƙarfi: tallar abinci a ka, ɗebo ruwa, sauke kaya daga amalanke. A cikinsu akwai waɗanda tun suna ƙanana ake yi masu kirarin jikin roba, domin suna lanƙwasa yatsu da baya yadda sauran yara ba su iyawa. Sai an girma wannan abin dariya yake zama abin kuka ga wasu.

Mu ɗauki misalin wata budurwa mai shekara 19 da ke taya uwarta sayar da shinkafa da wake a bakin tasha. Duk lokacin da ta ɗaga hannu don ta sauke tire daga kanta, sai ta ji kafaɗar dama ta zame, ta yi ƙas, ta koma da kanta. In ta daɗe a tsaye gwiwoyinta na lanƙwashewa baya, da marece kuma ciwo ya hana ta barci. Targaɗe ta yi shi sau uku cikin shekara guda a fili mai laushi. An kai ta wurin maɗori, an yi tsaga, an yi hoton ƙashi ba a ga komi ba. Daga nan sai mutanen gida suka fara cewa ragwanci ne, wasu kuma suka ce iska ce.

Ina matsalar take?

Ƙasusuwan wannan yarinya lafiyarsu lau, shi ya sa hoto bai nuna komi ba. Matsalar tana ga jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. An gina su da wani sinadari da likitoci ke kira kolajen, kuma a jikin wasu mutane jijiyoyin sun fi sakewa. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in an ɗaure kaya a mota da igiya mai miƙewa: kaya na rangaji, sai yaron mota ya riƙa tarewa da hannu. A jiki, tsoka ce ke wannan tarewa daga safe har dare, kuma gajiyarta ce ke kawo yawancin ciwon.

Abin na bin jini, ya fi yawa ga mata, kuma laushin na raguwa da shekaru. Mutane da dama na da shi ba tare da wani ciwo ba, su kam ba su buƙatar magani. In ya haɗu da ciwo da gocewar gaɓa ne ake kiransa lalura. Wani nau'insa shi ne ciwon Ehlers-Danlos, sunan likitoci biyu, ɗan Danmak da Bafaranshe, da suka bayyana shi a 1901 da 1908. A 2017 masana sun kasa shi gida 13, kuma nau'in da ya fi yawa, wato na laushin gaɓoɓi, ba a gane shi da awon jini. Sai da duba jiki da tambayar tarihin gida.

Awo mai maki tara

Likitoci na amfani da awon Beighton, wanda aka wallafa a 1973 bayan bincike a Afirka ta Kudu. Ana ba da maki ɗaya ga kowane hannu in ƙaramin yatsa ya tanƙwaru baya har ya wuce miƙewa tsaye cak. Maki ɗaya ga kowane hannu in babban yatsa ya iya taɓa cikin hannu, sama da wuyan hannu. Maki ɗaya ga kowace gwiwar hannu da kowace gwiwar ƙafa da ke wuce miƙewa ta lanƙwashe baya sosai. Na tara shi ne dafa ƙasa da tafukan hannu biyu ba tare da an lanƙwasa gwiwa ba.

Ga wanda ya balaga har zuwa shekara 50, maki 5 ko fiye na nuna laushin gaɓoɓi. Budurwar da muke magana ta samu 7: yatsu huɗu, gwiwoyin ƙafa biyu da dafa ƙasa. Amma maki kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita zai duba ko fatarta na da taushi da saurin ɓurma jini, ko tana jin jiri in ta miƙe, ko uwa ko ƴan uwa na da irin haka. Zai kuma tabbatar ba amosanin jini ba ne, ba kuma sanyin ƙashi mai kumburi ba, wanda ke sa gaɓa ta yi zafi, ta kumbura, ta sandare da safe.

Abin da ke taimakawa

Babu ƙwayar da ke ɗaure jijiya. Abin da ke aiki shi ne ƙarfafa tsoka sannu a hankali, kuma ya fi kyau ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti ya tsara shi. Ga wannan budurwa, motsa jiki uku ne a kullum. Ta tsaya kusa da bango, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ta danna bayan hannunta a bangon na daƙiƙa 5, sau 10. Ta zauna ta tashi daga kujera a hankali sau 10. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, tana dafe da bango, na daƙiƙa 30. Sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga bambanci, kuma in ciwo ya ƙaru har washegari, an yi da yawa ne, sai a rage.

Sai gyaran aiki. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, gara a raba ruwan a ɗauko sau biyu. Wani ya riƙa sauke mata tire, domin ɗaga hannu sama da baya ne ke zamar da kafaɗa. In tana tsaye ta ɗan saki gwiwa, kada ta kafe ta baya, kuma a aje mata kujera a rumfa. Ta daina nuna lanƙwasa yatsu don a yi dariya. Kwanciya kullum ba mafita ba ce, tsoka na ƙara rauni.

Hattara da masu tallar magani

Farasitamol na rage ciwo, amma baligi kada ya wuce ƙwaya 6 masu miligiram 500 a yini ba tare da izinin likita ba. Diklofenak da ibufurofen, in aka daɗe ana sha, na ɓata ciki da ƙoda. Tiramol kuwa na kama mutum ya kasa bari. Ja da murɗa gaɓa da ƙarfi na ƙara sakin jijiya, tsaga da ƙaho kuma na iya barin miki mai wuyar warkewa ga mai irin wannan fata.

A garzaya asibiti in gaɓa ta goce ta ƙi komawa, in hannu ko ƙafa ya mutu ko ya yi sanyi, ko gaɓa ta kumbura tare da zazzaɓi. Kada a tsaya mayar da ita a gida. In akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya a dangi, a faɗa wa likita, domin wasu nau'o'in na taɓa jijiyar jini da zuciya. In an yi aure an samu ciki, a sanar da ungozoma tun awon farko.

Ga iyaye da iyayen gida a kasuwa, yarinyar da ta ce kafaɗarta na zamewa ba gudun aiki take yi ba. A ba ta awo da lissafin kuɗi, a rage mata ɗaukar kaya, a kai ta a duba.