Gulukos ko laktos: yadda ƙwayar bakteriya ke zaɓen abincinta

A wajajen shekarar 1940, wani matashin mai bincike a birnin Paris, Jacques Monod, yana kiwon ƙwayoyin bakteriya a cikin kwalabe, yana ba su sukari iri biyu a haɗe, yana auna yawansu. Sai ya lura da wani abin mamaki. Ƙwayoyin sukan yi ta yaɗuwa da sauri, can sai su tsaya cik na ɗan lokaci, alhali ga abinci a kwalbar, sannan su ci gaba. Wannan 'yar tsayawa ta shiga kundin digirinsa na 1941, kuma sai bayan shekara 20 aka gano musabbabinta.

Ƙwayar da aka fi yin aikin da ita ita ce Escherichia coli, wadda ake taƙaitawa E. coli, mazauniyar hanjin mutane da dabbobi. Sukarin da ta fi so shi ne gulukos, domin kai tsaye take ƙona shi ta sami kuzari. Laktos kuwa, wato sukarin da ke cikin madara, gulukos ne da galaktos a manne, dole sai an raba su kafin a ci moriyarsa. Idan an haɗa mata su biyun, sai ta cinye gulukos tas tukuna. Tsayawar da Monod ya gani lokaci ne da take ƙera kayan aikin sarrafa laktos, waɗanda da can ba ta ajiye su ba.

Dalilin rashin ajiyewar shi ne tsimi. Ƙera furotin na cin kuzari ƙwarai, kuma ƙwayar da ke ɓarnatar da ƙarfinta kan kayan da ba ta buƙata, maƙwabtanta za su riga ta yaɗuwa. Mai injin niƙa ma ba ya tayar da inji yana ƙona mai sai an kawo hatsi.

Umarnin ƙera kayan aikin yana rubuce a kan DNA, cikin ƙwayoyin gado uku da ke jere. Ta farko, lacZ, tana samar da sinadarin da ke raba laktos biyu, mai suna beta-galaktosides. Ta biyu, lacY, tana samar da furotin da ke zama a fatar ƙwayar yana jawo laktos ciki. Ta uku, lacA, ba ta da wata muhimmiyar rawa a wannan labari. Ana karanta ukun a lokaci guda, daga mafari guda, don haka makunni ɗaya ya ishe su. Wannan jerin da makunninsa shi Monod da abokin aikinsa François Jacob na Cibiyar Pasteur suka kira oferon, a maƙalarsu ta 1961.

Makunnin yana aiki ne ta hanyar toshewa. Kusa da jerin akwai wata ƙwayar gado, lacI, da ke samar da furotin matoshi. Matoshin nan yana maƙalewa a wani ɗan gurbi a farkon jerin, wanda ake kira ofareta, ya hana sinadarin da ke kwafar DNA yin aikinsa. Matosa wajen goma kacal ake samu a cikin ƙwaya ɗaya, amma sun isa su rage aikin jerin da kusan ninki dubu.

To, yaya ƙwayar za ta san laktos ya zo, tunda an hana ƙera mai jawo shi ciki? A nan ne tsarin ya fi ƙayatarwa. Toshewar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba. Jefi-jefi matoshin yakan saki gurbinsa, a yi wuf a kwafi umarnin, saboda haka kullum akwai 'yan ƙalilan na kayan aikin. Ta hanyarsu laktos kaɗan ke shigowa, sai beta-galaktosides ya juya wani ɓangarensa zuwa alolaktos. Alolaktos ɗin ne ke kama matoshin, ya sauya masa siffa har ya kasa riƙe DNA. Cikin 'yan mintoci sai kayan aiki su fara ƙaruwa, ƙarin laktos ya shigo, ƙarin matosa su saki. Idan laktos ya ƙare, alolaktos ma ya ƙare, matoshin ya koma mazauninsa.

Saura tambayar Monod ta asali: me ya hana hakan faruwa tun gulukos na nan? Hanya biyu ce. Yayin da ƙwayar ke shigo da gulukos, wani furotin na wannan hanyar yana kama mai jawo laktos ya hana shi aiki, don haka laktos ya tsaya a waje, matoshin bai ga abin da zai cire shi ba. Ta biyun kuma, ko an cire matoshin, sinadarin kwafa ba ya kama mafarin jerin da ƙarfi sai da taimakon wani furotin, CAP, wanda shi ma ba ya aiki sai ya haɗu da ƙaramin sinadarin nan cAMP, mai ƙaruwa idan gulukos ya yi ƙaranci. Littattafan makaranta sun fi ba da ƙarfi ga hanya ta biyu, amma binciken da Hiroji Aiba da abokan aikinsa suka wallafa a Japan a 1996 ya nuna cewa a kwalbar gulukos da laktos, hana laktos shiga ne ya fi tasiri. Ya kamata ɗalibi ya riƙe duka biyun.

Abin da ya sa aikin Jacob da Monod ya cancanci yabo shi ne ba su taɓa ganin matoshin da ido ba. Daga ƙwayoyi masu lahani suka gano shi. A ɗauki ƙwayar da ke ƙera beta-galaktosides dare da rana, da laktos ko babu. Laifin na iya zama a wuri biyu: ko lacI ta lalace babu matoshi, ko ofareta ya sauya har matoshin ba ya iya kama shi. Daga waje lahanin iri ɗaya ne.

Don rarrabewa, sai a shigar wa ƙwayar wani guntun DNA mai ɗauke da lafiyayyar lacI. Idan rashin matoshi ne matsalar, sabon guntun zai samar da shi, ya yi yawo a cikin ƙwayar, ya je ya toshe tsohon jerin, sai ƙwayar ta koma daidai. Idan kuwa ofareta ne ya lalace, ko nawa matosa aka ƙara ba abin da zai canza, domin ba su da wurin kamawa. Daga nan suka fahimci cewa lacI na samar da wani abu mai tafiya, ofareta kuwa gurbi ne kawai, ikonsa bai wuce jerin da ke manne da shi ba. Akwai kuma lahani na uku, inda matoshin ke daina jin alolaktos. Irin wannan ƙwaya ko ta nutse cikin laktos ba za ta iya cinsa ba, kuma ƙara mata lafiyayyar lacI ba ya warkar da ita, tunda lalataccen matoshin yana nan daram a gurbinsa.

An ba Jacob da Monod, tare da André Lwoff, kyautar Nobel a 1965. Shekara guda bayan haka, Walter Gilbert da Benno Müller-Hill na Jami'ar Harvard suka ware matoshin, suka tabbatar furotin ne. Sun yi amfani da IPTG, wani sinadari da ke kama matoshin kamar alolaktos amma ƙwayar ba ta iya narkar da shi. Har yau da shi ake aiki a ɗakunan bincike: a saka umarnin furotin da ake so a bayan makunnin lac, a bar ƙwayoyin su yi yawa, sannan a ɗiga IPTG su fara ƙerawa.