Na'ura mai gajeren tunani da layi guda na alamomi

A shekarar 1951 masanin lissafi Ba'amurke Stephen Kleene ya tabbatar da cewa abubuwa biyu da ba su yi kama ba ƙarfinsu ɗaya ne. Na farko na'ura ce ta lissafi mai ƙayyadaddun matsayi, wadda ke karanta haruffa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tuna komai sai inda take tsaye. Na biyu shi ne rejeks, gajeren layin alamomi da masu shirya manhaja ke binciken rubutu da shi. Duk rukunin kalmomin da ɗaya ya iya tantancewa, ɗayan ma zai iya.

A ce muna son jerin `a` da `b` wanda yawan `a` ɗinsa ke rabuwa biyu daidai. Matsayi biyu sun isa, P da Q. Daga P ake farawa, kuma sai an ƙare a P jerin ke karɓuwa. Harafin `a` yana sauya matsayi, `b` kuwa yana barin na'urar inda take. Idan aka ba ta `abab`, za ta tafi Q, ta zauna, ta dawo P, ta zauna. Jerin ya karɓu ke nan.

Yanzu a cire Q, a rubuta aikinsa a kan hanya. Wanda ya bar P ya dawo, `a` ya karanta, sai `b` ko nawa ne, ko ma babu, sannan wani `a`. Ana rubuta wannan `ab*a`, domin tauraro maimaici yake nufi. A P kuma zaɓi biyu ne, ko `b` ko wannan zagaye, sau ko nawa:

```
(b|ab*a)*
```

Haka ake yi wa kowace na'ura, a riƙa cire matsayi ɗaya-ɗaya har rejeks ya fito, ko da yake yakan yi tsawon da ba ya karantuwa.

Komawa baya ta fi sauƙi. Rejeks jerawa ne da zaɓi da maimaici, a na'ura kuwa jerawa miƙaƙƙiyar hanya ce, zaɓi mararraba, maimaici hanyar da ta zagayo. Ken Thompson ya wallafa wannan dabara a 1968. Sai dai na'urar da ake samu takan tsaya a wurare da yawa lokaci guda. Michael Rabin da Dana Scott sun riga sun warware wannan a 1959: a ɗauki kowane tarin wuraren a matsayin matsayi guda. Farashinsa shi ne matsayi 10 na iya haifar da har 1024.

Iyakarsu ma ɗaya ce. Babu mai iya tabbatar da cewa `a` da `b` yawansu ɗaya a kowane jeri, domin na'ura mai matsayi 100 da ta karanta `a` guda 100 a jere dole ta taka wani matsayi sau biyu, daga nan ƙirga ya ɓace mata.